Jerin imel ɗaya, mutum uku: me zan cire, me zan bari kafin in tura?

Rukayya (Malali): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in tura abin da ba zan iya dawo da shi ba. Ni ce sakatariya a wata makaranta mai zaman kanta a nan Malali. Sati uku ke nan muna musayar imel da wani kamfanin sola, saƙonnin sun kai 17 a jere ɗaya. Farashin farko miliyan 6 da dubu 800 ne, da batir uku. Aka yi ciniki ya dawo miliyan 5 da dubu 900, amma da batir biyu.

Yanzu Hajiya mai makaranta ta ce in tura wa mutum uku: wani injiniya na waje da zai duba mana ko kayan sun dace, da akantanmu saboda biyan kafin alƙalami, da shugaban ƙungiyar iyayen yara, tunda ƙungiyar ce za ta biya kashi ɗaya bisa uku. Abin da ya tsayar da ni shi ne a tsakiyar jerin na taɓa tura wa Hajiya saƙo na 7, ita kuma ta amsa mini cewa za mu iya kaiwa miliyan 6 da dubu 300 idan sun ƙi sauka, amma kar in nuna musu. Amsar nan tata tana nan zaune a cikin jerin. Akwai kuma hoton katin shaidar maigadinmu da lambar wayarsa, da na tura wa kamfanin ranar da suka zo awo. Yaya zan yi?

Nura (Tudun Wada): Wa alaikumus salam. Anti ai abin ba wuya. Ki je saƙo na ƙarshe, ki danna Forward, ki goge duk abin da ke ƙasa, ki bar takardar farashin kawai. Ba wanda yake da lokacin karanta saƙo 17. Ni haka nake yi kullum.

Maman Walida: Ki ɗauki hoton fuskar wayar ki tura musu ta WhatsApp mana. Shugaban iyayen ma anya yana buɗe imel?

Rukayya (Malali): Yana buɗewa Maman Walida, ma'aikacin banki ne ya yi ritaya, shi ne ma ya ce a rubuce yake so. Ba yadda ake turawa ne ya gagare ni ba, abin da ya kamata kowa ya gani ne.

Abba (Unguwar Dosa): Anti Rukayya, kafin maganar turawa, akwai abin da za ki fara dubawa. Gmail kike amfani da shi?

Rukayya (Malali): E, shi ne.

Abba (Unguwar Dosa): To abin da kike gani a matsayin jere ɗaya, a gaskiya hira biyu ce aka haɗa miki waje guda saboda take ɗaya suke da shi: taki da kamfani, da taki da Hajiya. Kamfanin ba ya ganin ta biyun, sai dai idan ke kika kai masa. Yadda ake kai masa ba a sani ba kuwa shi ne, bayan Hajiya ta amsa, mutum ya danna Reply a ƙarƙashin saƙonta tunda shi ne na ƙasa, ya canja adireshi zuwa na kamfani, ya rubuta amsa. Maganar Hajiya tana naɗe a ƙarƙashin ɗigo ukun nan da ke ƙasan amsar, masu ɓoye tsofaffin saƙonni, ba ki ganta ba, amma ta tafi.

Ki buɗe Sent a kwamfuta, ki nemo saƙon farko da kika aika wa kamfanin bayan amsar Hajiya, ki danna ɗigo ukun ya buɗe, sai ki danna Ctrl+F ki rubuta 300. Idan adadin bai fito ba, ba ta fita ba.

Rukayya (Malali): Na duba. Alhamdulillahi babu, a ƙarƙashin saƙon kamfanin na amsa. Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Abba (Unguwar Dosa): Madalla. To ki kiyayi Forward all, wanda ke cikin menu na saman jerin. Shi kam duk 17 ɗin zai kwasa, har da na Hajiya da duk fayilolin da aka maƙala. Forward na kan saƙo ɗaya kuwa, saƙon yake ɗauka da tsofaffin maganganun da ke manne a ƙasansa, da fayilolin da ke jikin wannan saƙon kawai. Shi ya sa wani lokaci mutum zai tura na ƙarshe, a can kuma a ce masa ba a ga takardar ba, don takardar tana jikin saƙo na 4.

Malam Sani (Kawo): Rukayya 'yata, na yi shekara 31 ina aikin fayil kafin in aje aiki, kuma abin da kike tambaya mun sha shi tun zamanin takarda. Fayil yana da ɓangaren wasiƙu, yana da ɓangaren da manya ke rubuta wa juna ra'ayi. Idan wani na waje ya buƙaci abu, ba a taɓa miƙa masa fayil ɗin ɗungurungum. Ana ciro shafin da ya shafe shi, a yi masa kwafi, a ɗora 'yar wasiƙa a sama. Imel ya haɗe ɓangarorin biyu waje ɗaya, shi ya sa mutane ke tafka kuskure.

Mutum uku ne, to aika uku za ki yi, kowa da nasa. Kar ki sa su a saƙo ɗaya. Ki tambayi kanki a kan kowannensu, me zai yi da wannan idan ya karanta? Injiniya zai ce kayan sun isa ko ba su isa ba. Akanta zai fitar da kuɗi. Shugaban iyaye zai amince ko ya ƙi. Abin da mutum yake buƙata don ya yi aikinsa daidai, dole ya same shi ko da bai yi miki daɗi ba. Abin da ba ya cikin aikinsa kuma, ba haƙƙinki ba ne ki ba shi, musamman idan maganar wani ce da ya faɗa miki ke kaɗai.

Mu fara da injiniyan. Shi ban ga dalilin Forward ba sam. Ki buɗe sabon saƙo da sabon take, ki maƙala masa takardun farashin guda biyu, ta batir uku da ta batir biyu, da jerin kayan wutar da makarantar ke amfani da su. Sai ki rubuta masa tambayarki a fili.

Nura (Tudun Wada): To Baba ai maganata ke nan, a goge komai.

Malam Sani (Kawo): Ga injiniya ka yi kusa da daidai Nura, amma da ta bi taka da takarda ɗaya zai gani, ta ƙarshe. Ba zai san an taɓa maganar batir uku ba, balle ya tambayi me ya sa aka rage. Ga akanta kuwa shawararka haɗari ce. Bari Ladi ta yi bayani, fanninta ne.

Anti Ladi (Barnawa): Na gode Baba. Ni akanta ce, kuma abin da na fi tsoro a aikina shi ne a turo mini saƙon da aka aske masa kai, lambar asusu kawai da "a biya". A wani wuri da na taɓa aiki, haka aka turo mini. Wanda ya turo ya goge layukan sama don saƙon ya yi tsabta. Ashe wanda ya aiko da lambar ba ɗan kwangilarmu ba ne, adireshin ya bambanta da na gaskiya da harafi ɗaya. Da layukan suna nan da wataƙila na lura. Allah ya taimaka ranar mai sa hannu na biyu ba ya gari, kafin ya dawo ɗan kwangilar na gaskiya ya kira yana tambayar kuɗinsa. Layukan da nake nufi su ne waɗannan:

```
---------- Forwarded message ---------
From:
Date:
Subject:
To:
```

Ko me za ki yanke, waɗannan kar ki taɓa su. Su ne ke nuna wa ya faɗa, yaushe, kuma wa ya faɗa wa. Rukayya, lambar asusun kamfanin sau nawa ta zo a jerin?

Rukayya (Malali): Bari in duba Anti. Sau biyu. Tana jikin takardar farashin farko a saƙo na 4. Sai kuma saƙo na 15, suka ce a yi amfani da wani asusun daban don na farkon yana da matsala. Ban ma ɗauke shi da muhimmanci ba.

Anti Ladi (Barnawa): To wannan shi ne abu na farko da za ki rubuta wa akanta, a layin farko, ba a ƙasa ba: an canja asusu a saƙon ranar kaza, ban tabbatar ba tukuna. Ki tura masa na 4 da na 15 da na 17 cikakku, ba yanka. Kuma kar a biya sai an kira kamfanin a lambar da kuka sani tun farko, ba wadda ke ƙasan saƙo na 15 ba. Mai yiwuwa gaskiya ne, kamfanoni suna canja banki. Amma kira ɗaya ne.

Abba (Unguwar Dosa): Ƙari kan maganar Anti Ladi. Layukan nan na Forward rubutu ne kawai, duk mai turawa zai iya gyara su, don haka ba hujja ba ne mai ƙarfi. Idan ana son asalin saƙon, ki buɗe na 15 shi kaɗai, ki danna ɗigo ukun gefensa, ki zaɓi Download message. Zai sauko a matsayin fayil mai .eml, sai ki maƙala wa akanta. A cikinsa akwai cikakken bayanin inda saƙon ya fito. Ki sani dai ba a yanka shi, duk abin da ke manne a ƙasan saƙon zai tafi tare da shi, don haka ki karanta shi har ƙarshe kafin ki maƙala. Sannan ko adireshin ya yi daidai a kira ɗin dai, don idan akwatin kamfanin ne aka kutsa, daga adireshinsu na gaskiya saƙon zai fito.

Rukayya (Malali): Na 15 yana ɗauke da tsofaffin saƙonnina da kamfani a ƙasa, har da inda na rubuta lambar maigadi. Akanta dai ɗan gida ne, yana da lambar. Amma shugaban iyaye fa?

Barista Hauwa (Unguwar Rimi): Shi kam ki cire. Maigadin ya ba da katinsa ne don ma'aikatan kamfani su gane shi a ƙofa, bai bayar don ya zaga gari ba. Muna da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙanta shi ne kar a yi amfani da bayanin mutum fiye da abin da aka karɓa dominsa. Ba ina cewa wani zai kai ki ƙara gobe ba ne. Amma katin shaida idan ya fita ba ya dawowa, kuma talakan da ke jikin hoton shi zai ɗauki wahalar idan aka yi wani abu da shi. Ki duba ƙasan allon rubutu kafin ki tura, duk fayil ɗin da ya biyo yana da alamar X a gefensa, ki cire wanda bai shafi mai karɓa ba. Adireshin mutanen da ke layin Cc ma bayani ne, idan ba su da ruwa da shi a rage.

Anti Ladi (Barnawa): Barista, ni kuma na ce kar a taɓa layukan sama, ke kin ce a rage Cc. Wanne za ta bi?

Barista Hauwa (Unguwar Rimi): Ga akanta taki za ta bi. Ga na waje, wanda ya aiko da rana su tsaya, sauran adireshin a iya cirewa. Ban ga saɓani ba.

Rukayya (Malali): To ga inda abin ya fi damuna, kuma ban faɗa da farko ba. A saƙo na 11 injiniyan kamfanin ya rubuta cewa idan aka koma batir biyu, ba su ba da tabbacin zai ɗauki famfon rijiyar burtsatse da ɗakin kwamfuta a lokaci guda ba idan rana ba ta fito sosai ba, musamman da damina. Hajiya ta ce mini da baki in tura wa shugaban iyaye farashin ƙarshe kawai, kar a tayar da wata doguwar magana.

Malam Sani (Kawo): Yauwa, yanzu muka zo wurin. Abubuwa biyu ne a hannunki da ake so a ɓoye, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Maganar miliyan 6 da dubu 300 shawara ce tsakanin mai makaranta da sakatariyarta a lokacin ciniki. Cinikin ya ƙare a ƙasa da haka. Ko shugaban iyaye ya sani ko bai sani ba, kuɗin da ƙungiya za ta biya bai canja ba, kayan da za a kawo ba su canja ba. Wannan amanar Hajiya ce, ki riƙe ta, ba ki cuci kowa ba.

Saƙo na 11 kuwa ya shafi abin da mutumin zai sa hannu a kai. Kashi ɗaya bisa uku na miliyan 5 da dubu 900 ya kusa miliyan 2 na kuɗin iyaye. Idan ya ga farashi ya sauka da dubu 900 bai ga dalilin saukar ba, zai ɗauka ƙwarewar ciniki ce. Ranar da aka wayi gari a watan Agusta ba ruwa a banɗakin yara, zai kira kamfani, kamfani zai ce ai mun rubuta muku, ga rana ga wata. Sunan da ke kan saƙon da aka yanke kuwa naki ne.

Gwajin da nake yi shi ne wannan: idan mutumin nan ya zo daga baya ya ga abin da na cire, zai ce "wannan ba ruwana da shi", ko zai ce "da na gani da ban amince ba"? Idan na biyu ne, ba a cirewa.

Nura (Tudun Wada): Baba da girmanka, amma ita ma'aikaciya ce. Mai gida ta ce ga abin da za a tura. Idan ta ƙara abin da aka hana ta, aikinta fa? Ba ita za ta yanke wa makaranta hukunci ba.

Malam Sani (Kawo): Gaskiyarka a nan Nura, ban ce ta tura a bayan idon Hajiya ba. Ta koma wurinta da saƙon a hannu, ta nuna mata abin da zai biyo baya. Yawancin shugabanni idan suka ce "farashin kawai", gudun tsawon magana suke yi, ba su zauna sun auna ba.

Nura (Tudun Wada): In ta auna kuma ta ce a'a fa?

Barista Hauwa (Unguwar Rimi): To Hajiyar ta tura da kanta daga akwatinta. Ko kuma Rukayya ta rubuta a saman saƙon cewa wannan takardar farashin ƙarshe ce kawai aka umarce ta ta turo, sauran bayanin fasaha yana wurin mai makaranta. Ba ta tona ba, ba ta kuma nuna kamar shi ke nan abin da ke akwai ba.

Anti Ladi (Barnawa): Ni wannan bai gamsar da ni ba Barista. Ta san akwai gargaɗi, ta san mutumin zai sa hannu bai gani ba. Jimlar nan kanta kawai ta kare, ba iyaye ba.

Barista Hauwa (Unguwar Rimi): Tsohon ma'aikacin banki idan ya ga an ce akwai sauran bayani, zai nema. Iyakar ƙarfin sakatariya ke nan a ganina.

Rukayya (Malali): Mu ɗauka Hajiya ta yarda. Me zan rubuta a sama? Ni yawanci "ga shi nan ranka ya daɗe" kawai nake sawa.

Malam Sani (Kawo): Wannan ne ke sa mutum ya karanta daga ƙasa zuwa sama yana lalube. Ki rubuta kamar bai taɓa jin maganar ba. Misali:

"Ranka ya daɗe, bisa umarnin mai makaranta, ga bayanin aikin sola don amincewar ƙungiya. Farashin ƙarshe naira miliyan 5 da dubu 900, kason ƙungiya ɗaya bisa uku. Farashin farko miliyan 6 da dubu 800 ne, ya sauka ne saboda an rage batir daga uku zuwa biyu, kuma kamfanin ya yi gargaɗi a kan haka, yana ƙasa. Mun ba wani injiniya na waje ya duba, muna jiran amsarsa. Na ɗauko saƙo uku ne daga cikin 17, na cire na tsara ranar awo da na cikin gida. Muna roƙon amsa kafin Alhamis."

Kin ga jimlar da ta ce kin ɗauko uku daga 17? Ita ce mafi muhimmanci a wurina. Yanka ba laifi ba ne matuƙar an faɗa. Kuma ki cire saƙo sukutum, kar ki shiga cikin maganar mutum ki ɗebe rabin jimla ko ki gyara masa kalma. Idan injiniyan kamfanin ya ce "ba mu ba da tabbaci ba idan rana ba ta fito ba", kika bar rabin farko kawai, kin sa masa maganar da bai yi ba, ko da kin yi ne don taƙaitawa. Idan dole ne ki tsallake wani sashe a tsakiya, ki sa ɗigo uku a wurin ki rubuta cewa an cire.

Abba (Unguwar Dosa): Ta ɓangaren aiki kuma: ki yi shi a kwamfuta, a waya yanka yana da wuya kuma ba a ganin ƙasan saƙo da kyau. Ki bar wurin To ba komai sai kin gama karantawa har ƙasa, shi ne abu na ƙarshe da za ki cike. Ki canja taken, don kada amsar shugaban iyaye ta sake faɗowa cikin jerin kamfani a maimaita matsalar farko. Idan takardar farashin fayil ɗin Excel ce, ki mayar da ita PDF, don ana iya samun shafin da aka ɓoye ko lissafin gefe a ciki. Sannan ki shiga Settings ki kai Undo Send daƙiƙa 30, shi ne iyakarsa. Bayan nan saƙon ya tafi.

Maman Walida: A ofishinmu akwai Recall, ana janye saƙo ko bayan awa ɗaya.

Abba (Unguwar Dosa): Wannan na Outlook ne, kuma tsakanin ma'aikatan ofis ɗaya yake aiki. Saƙon da ya fita zuwa Gmail ɗin wani ba ya janyuwa.

Rukayya (Malali): Na tura wa injiniya sabon saƙo da takardun biyu, na kuma kwafa masa gargaɗin na 11 kalma da kalma, da sunan wanda ya rubuta da ranar. Na kira kamfanin a lambar da ke kan takardarsu ta farko, wanda ya ɗauka ya ce bai san da canjin asusu ba, sai manaja ya dawo gobe. Don haka na rubuta wa akanta ya dakata. Na shugaban iyaye yana Drafts, ban sa adireshi ba. Hajiya ba ta shigowa sai bayan azahar gobe, zan buga mata na 11 a takarda in kai mata.

Malam Sani (Kawo): Ki haɗa da wasiƙar saman da kika shirya, ta ga yadda zai fita a rubuce kafin ta ce e ko a'a.

Anti Ladi (Barnawa): Ki dawo ki faɗa mana abin da manajan ya ce game da asusun.